Abin da inji zai tuna da abin da zai manta

Duk wanda ya zauna a ajin lissafi na firamare ya san dabarar gane lambar da 4 ke rabawa ba tare da saura ba: a dubi alƙaluma biyu na ƙarshe. A 1960, na ƙarshen su ne 60, kuma 4 na raba 60, saboda haka tana raba 1960. A 2026 kuwa 26 ne, ba ta raba shi, magana ta ƙare.

To yanzu a ce za mu ƙera ɗan ƙaramin inji ya riƙa yi mana wannan aiki. Amma injin yana da sharuɗɗa masu tsauri. Alƙalami ɗaya yake gani a lokaci guda, daga hagu zuwa dama. Wanda ya wuce ya wuce, ba ya komawa baya ya sake dubawa. Ba shi da takardar da zai rubuta wani abu ya ajiye, kuma ba a gaya masa tsawon lambar, don haka bayan kowane alƙalami dole ya kasance a shirye ya ce «e» ko «a'a». Iyakar abin da ya mallaka shi ne wasu 'yan matsayi ƙididdigaggu da yake iya kasancewa a cikinsu. In ya karanta alƙalami, sai ya dubi matsayin da yake ciki da alƙalamin da ya gani, ya koma wani matsayin ko ya zauna inda yake. Matsayin nan shi ne dukan ƙwaƙwalwarsa.

Matsayi nawa yake bukata?

Wanda ya riƙe dabarar firamare zai ce 100, domin daga 00 zuwa 99 akwai hanyoyi 100 da alƙaluma biyu na ƙarshe za su iya zuwa, kuma injin zai yi aiki daidai da hakan. Wanda ya ƙara tunani zai ce wannan ɓarna ce: ai abin da ya dame mu shi ne sauran da ke ragewa in an raba da 4, kuma sauran nan ba ya wuce 0, 1, 2 ko 3, don haka matsayi huɗu sun isa. Shi ma ya yi gaskiya. Amma amsar ƙarshe uku ce. Abin da ya fi burge ni ma ba ukun ba ne, a'a, cewa ana iya kafa hujja a layi kaɗan cewa babu wani gwani, yau ko gobe, da zai iya yi da biyu. Hanyar kafa wannan hujja ita ce ƙa'idar da ake jingina wa masana lissafi biyu, John Myhill da Anil Nerode, waɗanda suka yi aikinsu a Amurka. Na Myhill ya fito a 1957, na Nerode a 1958.

Kafin su, a 1951, Stephen Kleene ya riga ya fayyace irin tambayoyin da inji mai iyakantaccen matsayi zai iya amsawa, aka buga aikin ga kowa a 1956. A wannan fanni, duk tarin jerin alamomin da amsarsu «e» ce ana kiransa yare, ko da ba yaren da wani ɗan Adam ke magana da shi ba ne. Lambobin da 4 ke rabawa yare ne a wannan ma'ana: 12 na cikinsa, 13 ba ta ciki. Yaren da irin wannan inji zai iya tantancewa shi ake kira yaren regula. Abin da Myhill da Nerode suka ƙara shi ne hanyar da za a dubi yaren kansa, tun ba a zana inji ba, a faɗi ko injin zai yiwu, a kuma faɗi girmansa.

Tambayar da komai ya rataya a kanta

Ɗauki jeri biyu da inji ya karanta, misali 2 da 1. Dukansu 4 ba ta raba su, don haka a yanzu amsarsu ɗaya ce, «a'a». Shin injin zai iya ɗaukarsu abu guda, ya ajiye su a matsayi ɗaya? Don mu sani, sai mu ɗora wa kowannensu wutsiya iri ɗaya, wato ƙarin alƙaluma a bayansa. Mu ɗora 0. Na farko ya zama 20, amsa «e». Na biyu ya zama 10, amsa «a'a». Wutsiya ɗaya ta ba da amsa biyu. Ke nan injin da ya manta bambancin 2 da 1 zai yi kuskure a ɗaya daga cikinsu, domin da zarar jeri biyu sun kai shi matsayi ɗaya, ba shi da sauran abin da zai bambanta su da shi. Matafiya biyu ne da suka shiga mota ɗaya a Kano za su Zariya: ko ɗaya daga Katsina ya taso ɗaya daga Haɗeja, daga nan gaba hanyarsu guda ce.

A nan ma'anar take. Jeri biyu suna rukuni ɗaya idan babu wata wutsiya a duniya da za ta sa amsarsu ta bambanta. Idan kuwa an sami ko da wutsiya ɗaya mai raba su, to rukuninsu daban-daban ne. Ana lissafa har da wutsiyar da ba komai a cikinta, wato a bar jerin yadda yake. Ita ce ke raba 4 da 2 nan take, tunda ɗaya «e» ne ɗaya «a'a».

Mu ƙirga rukunan yarenmu. Muna da 4, da 2, da 1. Wutsiyar wofi ta raba 4 da 2, ta kuma raba 4 da 1. Wutsiyar 0 ta raba 2 da 1. Jeri uku ke nan da kowane biyu a cikinsu sun rabu, saboda haka dole kowanne ya sami matsayinsa. Inji mai matsayi biyu dole ya cusa biyu daga cikin ukun a wuri ɗaya, kuma mun riga mun san wutsiyar da za ta tona masa asiri. Hujjar cewa ba a yi da ƙasa da uku ke nan, ta ƙare.

Saura ɗaya ɓangaren: me ya sa ba a bukatar na huɗu? Ina bambancin saura 1 da saura 3 ya tafi? Gwada 1 da 3. Ɗora 2, ka sami 12 da 32, duka «e». Ɗora 6, ka sami 16 da 36, duka «e». Ɗora 0, ka sami 10 da 30, duka «a'a». Da alama ba sa rabuwa. Sai dai a nan ne mai koyo ke yawan zamewa, domin gwaji uku ko ɗari uku ba hujja ba ne. Raba jeri biyu wutsiya ɗaya yake bukata, haɗa su kuwa sai an kawo dalilin da ya game dukan wutsiyoyi, kuma ba su da iyaka.

Dalilin ga shi. Ɗora alƙalami a bayan lamba daidai yake da ninka lambar sau 10 sannan a tara alƙalamin: 3 ta zama 32 saboda 30 da 2. To kowace lamba mara, wato wadda 2 ba ta rabawa, in an ninka ta sau 10 aka raba da 4, saura 2 take bari. Haka 10 take, haka 30, haka 50, haka 70. Ke nan da zarar an ɗora wa lambobi mara guda biyu alƙalami iri ɗaya, sauransu ya zama ɗaya, kuma daga nan duk abin da ya biyo baya tare za su yi shi. Kafin a ɗora komai kuwa dukansu «a'a» ne. Babu inda za su rabu. Dukan lambobin mara rukuni ɗaya ne.

Rukunai uku ke nan. Mu sa musu suna: A ga lambobin da 4 ke rabawa, B ga lambobin cika waɗanda 4 ba ta rabawa kamar 2, 6 da 10, sai C ga lambobin mara. Abin sha'awa shi ne ba sai an sake wani tunani don ƙera injin ba, rukunan su ne matsayin. Don sanin inda inji zai koma, sai a ɗauki kowace lamba daga rukunin, a ɗora mata alƙalamin, a ga inda ta faɗa.

```
      0,4,8   2,6   1,3,5,7,9
A       A      B        C
B       A      B        C
C       B      A        C
```

Mu bi 1960. Alƙalami na farko 1 ya kai mu C. Na biyu 9 ya bar mu a C. Daga C, 6 ya kai mu A, kuma daidai ne, domin 196 ita ce 49 sau 4. Daga A, 0 ya bar mu a A. Amsa «e». A 2026 kuwa: 2 ya kai mu B, 0 ya kai mu A, 2 ya maido mu B, 6 ya bar mu a B. Amsa «a'a».

Mai lura zai ga layin A da layin B iri ɗaya ne a jadawalin, ya ce me zai hana a haɗe su? Abin da ya hana shi ne a A ake cewa «e», a B ake cewa «a'a». Zai kuma iya tambaya: a ina injin yake tsaye kafin ya karanta komai, ba a bukatar matsayi na musamman don farawa? Ba a bukata. In mun yarda cewa rashin rubuta komai ba lamba ba ne, amsarsa «a'a», to kowace wutsiya aka ɗora masa yana yin abin da 2 ke yi, saboda haka ɗan rukunin B ne, daga nan ake farawa.

Kada wannan ya sa a zaci kullum ana samun ragi. In da 3 za a raba, saura 0, 1 da 2 duk sun rabu: ɗora 2 a bayan 1 ka sami 12, ɗora shi a bayan 2 ka sami 22. In da 7 ne, sai an ba kowane ɗaya daga cikin saura bakwai ɗin matsayinsa. Ragin da muka samu a 4 ya zo ne daga cewa 4 da 10 sun yi tarayya a 2, shi ya sa ninkawa sau 10 ke shafe wani ɓangare na tarihin lambar. Tsakanin 7 da 10 babu wannan tarayya, don haka ba abin da ke shafewa.

Ƙa'idar Myhill da Nerode ba ta wuce wannan da muka yi ba, sai dai ta faɗe shi ga kowane yare. In rukunan yare suna da iyaka, yaren regula ne, kuma adadin rukunan shi ne mafi ƙarancin matsayin da inji zai yi aiki da shi. Bugu da ƙari, injin mafi ƙanƙanta guda ɗaya ne tak: mutum biyu da ba su san juna ba in suka kai ga mafi ƙanƙanta, sunayen da suka sa wa matsayin kawai za su bambanta. In kuwa rukunan ba su da iyaka, babu inji mai iyakantaccen matsayi da zai iya aikin, komai girmansa.

Inda inji ke gazawa

Wannan rabi na biyu shi ne ke ba da damar a ce «ba zai yiwu ba» a kuma tsaya a kan maganar. Misalin da ya fi kusa da aikin yau da kullum shi ne na baka, alamomin nan biyu da ake buɗewa a rufe a lissafi da rubutun manhaja. Jeri yana daidai idan kowace baka da aka buɗe an rufe ta, kuma ba a rufe wadda ba a buɗe ba.

```
(()())    e
(()       a'a
())(      a'a
```

Ɗauki baka ɗaya buɗaɗɗiya, sannan biyu a jere, sannan uku, haka har abada. Babu ko ɗaya a cikin waɗannan jeri da ke cikin yaren, duk «a'a» ne, kuma wannan ba matsala ba ce. Ba a ce sai jerin da muka zaɓa sun zama na yaren ba, farkon magana ne kawai. Yanzu ɗauki kowane biyu, a ce mai buɗaɗɗu 3 da mai buɗaɗɗu 5. Ɗora wa kowanne rufaffu 3. Na farko ya daidaita, na biyu ya rage biyu a buɗe. Sun rabu. Wannan dabara tana aiki ga kowane adadi biyu mabambanta: ɗora rufaffu daidai yawan na farkon, shi zai cika, ɗayan ba zai cika ba. Jeri marasa iyaka, kowanne da rukuninsa. Yaren ba regula ba ne.

Yana da kyau a ga yadda wannan ke kama inji a zahiri. A ce wani ya zo da inji mai matsayi 1,000 ya ce ya warware matsalar. Ba ma bukatar buɗe cikinsa. Mu ba shi baka buɗaɗɗiya ɗaya mu rubuta matsayin da ya tsaya, mu ba shi biyu mu rubuta, har zuwa 1,001. Tunda jerin sun fi matsayin yawa, dole wasu biyu sun tsaya wuri ɗaya. A ce mai 17 ne da mai 940. Sai mu ɗora wa kowanne rufaffu 17. Injin ya taso daga wuri ɗaya, ya karanta abu ɗaya, dole ya ba da amsa ɗaya. In ya ce «e», ya karɓi jerin da ya bar baka 923 a buɗe. In ya ce «a'a», ya ƙi jerin da ba shi da aibi. In mai injin ya ƙara matsayi zuwa miliyan, mu ma mu ƙara jerinmu zuwa miliyan da ɗaya.

Wannan ba wasan allo ba ne kawai. Shi ne dalilin da ya sa manhajar da ke fassara rubutun masu shirya manhaja zuwa abin da kwamfuta ke ganewa ake raba aikinta gida biyu. Gida na farko yana tsinto kalmomi da lambobi ɗaya bayan ɗaya, kuma inji mai iyakantaccen matsayi ya ishe shi. Gida na biyu shi ke lura da abin da aka buɗe a cikin wani abin da aka buɗe, kuma shi sai an ba shi ma'ajiyar da ke iya tsawo gwargwadon bukata. Wanda ya nace sai ya yi aikin gida na biyu da kayan gida na farko zai ga abin yana tafiya a kan gajerun misalai, ranar da rubutu mai zurfi ya zo ya watse.

Ga kuma wani abu da hujjar ke nunawa wanda ba a cika faɗa ba. In aka sa iyaka ga zurfin, aka ce ba za a taɓa barin fiye da baka 5 a buɗe lokaci guda ba, yaren ya koma regula. Rukunansa kuwa ana iya ƙirga su da yatsu: babu buɗaɗɗiya, akwai ɗaya, biyu, har biyar, shida ke nan. Sai na bakwai, wanda shi ne aka fi mantawa da shi: rukunin jerin da suka riga suka lalace, kamar wanda ya rufe bakar da bai buɗe ba, ko ya wuce zurfin da aka yarda. Duk wutsiyar da aka ɗora musu amsa «a'a» ce, don haka dukansu rukuni ɗaya ne, kuma rukuni ne na gaske mai bukatar matsayinsa. Masu zane kan bar shi don kada takarda ta cika da kibiyoyi, sai mai ƙirga ya zo ya ce shida, alhali bakwai ne.

Ido yana ruɗi

Mutum in ya ga misalin baka, sai ya ɗauko wata gajeriyar doka ya riƙe: duk inda ake ƙirga abu biyu a gwada yawansu, ba regula ba ne. Ina ganin wannan doka ta fi rashin sani illa, domin tana hana mutum yin gwajin da zai nuna masa gaskiya. Ga yare mai harufa biyu kacal, a da b. Jeri yana ciki idan yawan wuraren da «ab» ya bayyana daidai yake da yawan wuraren da «ba» ya bayyana. A «abba» akwai «ab» ɗaya da «ba» ɗaya, amsa «e». A «baba» akwai «ba» biyu da «ab» ɗaya, amsa «a'a». Da gani sai ka ce sai an yi ƙirga marar iyaka.

To nemi jerin marasa iyaka da za su rabu da juna. Gwada «aba» da «ababa». Duk wutsiyar da ka ɗora, amsarsu ɗaya take fitowa. Gwada «a» da «abba», haka nan. Kāsa raba su shi zai sa ka tsaya ka tambayi dalili, dalilin kuwa mai sauƙi ne: «ab» sauyi ne daga a zuwa b, «ba» sauyi ne daga b zuwa a, kuma ba a sauyawa sau biyu a jere zuwa gefe guda. Dole su riƙa karɓa-karɓa. Don haka yawansu yana daidaita ne kawai idan jerin ya ƙare da harafin da ya fara da shi. Abin da injin zai tuna bai wuce harafin farko da harafin da ya gani yanzu ba. Hanyoyi huɗu ke nan, da matsayin farawa, biyar. A wannan karon matsayin farawa ba ya narkewa cikin wani: jerin wofi yana karɓar wutsiyar a, yana kuma karɓar wutsiyar b, kuma babu wani rukuni cikin huɗun da ke yin haka.

Akwai wata sananniyar hanyar nuna cewa yare ba regula ba ne, wadda Bar-Hillel da Perles da Shamir suka buga a 1961, kuma ita aka fi koyarwa da farko. Tana cewa a kowane yaren regula, jeri mai isasshen tsawo yana da wani yanki da za a iya maimaitawa sau nawa aka so ba tare da an fita daga yaren ba. Tana da amfani, amma gefe ɗaya take yanka. In yare ya faɗi gwajinta, ba regula ba ne. In ya ci, ba a san komai ba, domin akwai yarukan da ba regula ba da ke cin gwajin. Ƙirgar rukunai kuwa ba ta barin mutum a tsakiya: ko suna da iyaka ko ba su da ita. Ga shi kuma in suna da iyaka tana miƙa maka injin a hannu. Ni da zan tsara darasi, da ita zan fara.

Mai iyaka ba ya nufin ƙarami

Wani yaren regula ne sarai, amma farashinsa ya fi ƙarfin aljihu, kuma ƙa'idar ce ke faɗin farashin. Ɗauki jerin a da b, a ce ana son wanda harafinsa na uku daga ƙarshe a ne. Tunda injin bai san inda jerin zai tsaya ba, dole kullum ya riƙe harufa uku na baya-bayan nan. Hanyoyin jera harufa uku takwas ne. Shin za a sami ragi kamar yadda 100 ta koma uku? Mu gwada «aab» da «abb». Sun bambanta a harafi na biyu daga ƙarshe. Ɗora harafi ɗaya, kowanne ne, sai wurin bambancin ya matsa ya zama na uku daga ƙarshe: «aabb» amsa «e», «abbb» amsa «a'a». In bambancin a harafin ƙarshe yake, a ɗora biyu. In a na farko yake, ba sai an ɗora komai ba. Kowane biyu cikin takwas ɗin sun rabu, babu ragi ko kaɗan. In aka ce na goma daga ƙarshe, matsayi 1,024 ne. Na ashirin, 1,048,576. Kowane ƙarin harafi ɗaya yana ninka injin sau biyu, kuma wannan ba gazawar mai zane ba ce, halin yaren ne.

A nan ne iyakar ƙa'idar take. Ƙirgarta ta shafi injin da kowane mataki nasa ƙayyadadde ne, matsayi ɗaya da harafi ɗaya suna kai shi wuri ɗaya tak. Akwai wani nau'in da Michael Rabin da Dana Scott suka gabatar a 1959, wanda aka yarda masa ya bi hanyoyi da yawa lokaci guda, ya karɓi jeri in ɗaya daga cikin hanyoyin ta kai ga «e». Sun nuna cewa yarukan da yake tantancewa su ne dai na regula, bai ƙara ko ɗaya ba. Amma yana iya zama ƙarami ƙwarai: na ashirin daga ƙarshe matsayi 21 ya ishe shi. Adadin rukunai ba ya faɗin mafi ƙarancin matsayin wannan nau'in, kuma mafi ƙanƙantarsa ba lallai ya zama guda ɗaya ba.

In inji ya riga ya kasance a hannu, ana so a rage shi, ba sai an zauna ana laluben wutsiyoyi ba. Edward Moore ya ba da hanya a 1956. A fara da raba matsayin gida biyu, masu cewa «e» da masu cewa «a'a». A injinmu mai saura huɗu, 0 yana gefe guda, 1 da 2 da 3 suna ɗaya gefen. Sai a duba cikin kowane gida: akwai alƙalamin da ke kai wasu 'yan gidan wani wuri, wasu kuma wani wurin daban? Alƙalamin 0 yana kai saura 2 gidan «e», yana barin 1 da 3 a gidan «a'a», don haka a ware 2. A sake zagayowa. Yanzu 1 da 3 kowane alƙalami wuri ɗaya yake kai su, babu sauran abin warewa, sai a tsaya. Gidajen da suka rage su ne A da B da C. Hanyar tana farawa ne da ɗaukar kowa ɗaya, ba ta raba biyu sai ta kama su da bambanci, kuma tunda matsayin ƙididdigaggu ne dole ta zo ƙarshe. A 1971 John Hopcroft ya gyara tsarin yadda ake zaɓen gidan da za a yi rabon da shi, ta yadda ko inji mai matsayi dubbai ana rage shi cikin sauri.

Tunda mafi ƙanƙantar inji guda ɗaya ne, wannan ragewa tana amsa wata tambayar ma. In mutum biyu suka zana injuna biyu, ɗaya mai matsayi 100 ɗaya mai huɗu, kowanne yana cewa nasa yana gane lambobin da 4 ke rabawa, ba sai an yi ta gwada su da lambobi har a gaji ba, wanda ma ba zai taɓa zama hujja ba. A cire matsayin da babu jerin da ke kai wa gare su, a rage kowane inji, a ɗora jadawalinsu gefe da gefe. In sun fito da layuka uku masu tafiya iri ɗaya, daga mafari ɗaya, aikinsu ɗaya ne a kan kowace lamba. In ba su dace ba, to akwai lambar da ɗaya ke karɓa ɗaya ke ƙi, kuma bin inda jadawalin biyu suka saɓa zai fito da ita.